Ma'anar "Featured" a LinkedIn, da abin da ya kamata a sa a ciki

Featured, wanda masu amfani da LinkedIn da Faransanci suke gani da sunan Sélection, wani fili ne a shafin mutum, ƙasa da bayanin da ya yi a kan kansa. Nan ake kafa rubutu, hoto, takardar PDF ko adireshin wani shafi, don mai neman ma'aikaci ya ga aikin da idonsa. Kamar gaban shagon tela ne: ɗinkin da ya fi kyau ake ratayewa, ba duk abin da ke cikin akwati ba.

Wurin ƙarami ne. A kwamfuta abu biyu ko uku ake gani kafin a ja gefe, a salula kuwa kusan ɗaya ne, kuma wanda aka sa daga baya shi ke shiga gaba sai an sake jera su da hannu. Saboda haka na farko shi ne mai ɗauke da nauyin.

A ɗauki mai haɗa famfon sola a Tahoua da ke neman aiki a wata ƙungiya a Yamai. Yana da difloma, da takardun shaidar halartar bita guda bakwai, da hotuna, da rahoton wani aiki. Abin da zai sa a gaba shi ne shafi biyu na aikin da ya yi a garkar albasa: zurfin rijiya, yawan faifan sola, ƙarfin famfo, ruwan da ake samu a yini, da hoton kafin aiki da bayansa. Na biyu, ɗan rubutunsa a kan yadda ƙurar hunturu ke rage ƙarfin faifai. Difloma ta zo ta uku. Takardun bita bakwai ɗin kuwa a kai su sashen Licences et certifications, domin shaidar zama a zaure suke bayarwa, ba ta iya aiki ba.

Rahoton nan sai an yi hattara da shi. In na wata ƙungiya ne, a nemi izini, sannan a cire sunayen manoma, lambobin wayarsu da kuɗin kwangila. A jikin difloma ma akwai ranar haihuwa da lamba, a rufe su kafin a ɗora.

Sauran kura-kuran ƙanana ne amma suna kashe kasuwa. Hoton da ya bi ta WhatsApp yakan dushe har hatimi ba ya karantuwa, gara a aiko shi a matsayin takarda. Adireshin Google Drive da ba a buɗe wa kowa ba zai tsayar da baƙo yana roƙon izini, sai a gwada shi a salular wani tukuna. Take ma a gyara shi, kada a bar IMG_2041.jpg, a rubuta "Famfon sola, garkar albasa, Tahoua".