Rawundin sau ɗaya ake yi, kuma a ƙarshe

Wata ƙanwata da ke karatu nan Gusau ta zo da idonta jawur, wai ta lissafa makinta A ne ya kamata ta samu amma aka liƙa mata B. Munka zauna munka duba, wallahi ita ke da gaskiya, kuma ba wanda ya yi da gangan, rawundin ne anka yi da wuri.

Dokar da makarantu da dama ke bi ita ce, a tara maki duka yadda suke da ɗigonsu, sai an samu jimla sannan a duba abin da ke bayan ɗigo, in ya kai 0.5 a cike zuwa lamba ta gaba, in bai kai ba a zubar.

Ga nata. Tes na farko an yi shi bisa 25 ta ci 24, da anka maida shi bisa 15 ya zama 14.4, tes na biyu 12.4, asamen 8.4, jarabawa 34.4 cikin 60. Ka tara, 69.6 ke nan, a cike ya zama 70, kuma daga 70 A ke farawa. To mai shigar da makin sai ya zubar da ɗigon kowane tun wajen rubutawa, 14, 12, 8, 34, ya tashi 68. Kowane gida 0.4 kawai ya tafi, kamar ba komi, amma ai kamar mai awo ne da ke rage ɗan tsaba a kowace tiya, sai an ɗinke buhu ake ganin ramin. Kos mai yunit uku ne, A maki biyar B huɗu, an ci mata uku ke nan a lissafin CGPA ɗinta, abin da ciwo.

Yana kuma juyawa ta ɗaya gefen, mai 6.5, 5.5, 4.5 da 22.5 jimlarsa 39 ce, bai kai 40 ba, amma in an cike kowane sai ya koma 41 ya haye.

Akwai kuma rawundin bisa rawundin, 69.45 a maida shi 69.5 sannan a ce 70. A'a, 69.45 bai kai rabi ba, 69 ne.

Masu aiki da Excel ku kula, rage ɗigo a fuskar gida ba ya canza abin da ke ciki, sai ka ga 70 a rubuce amma giredi B, don 69.6 ke ƙasa. A gidan jimla kaɗai za a sa wannan:

```
=ROUND(SUM(B2:E2),0)
```

Ɗalibi kuma kafin ya kai koke ya fara duba littafin dokokin makarantarsu, don kowace da abin da ta rubuta kan cikewa, sannan ya nemi ɗanyen makinsa. Ita haka ta yi, ta kai takardun tes ɗinta wajen jami'in jarabawa na sashensu, anka sake tarawa gabanta.