Waiwaye: Yadda takardar auna haɗari ta iso wuraren gini a Kano

A zamanin ginin ƙasa, lissafin haɗari a kan magini yake. Sarkin magina da yaransa sun san ba a ɗora azara kan ɗanyen bango, ba a kuma tayar da soro da damina. Da siminti da rodi suka shigo, benaye suka tashi, sai ya zama mutum hamsin na aiki wuri ɗaya ba su ma san juna ba. Ilimin baka bai iya tsare su.

Rubuta abin a takarda daga waje ya zo. A 1989 ƙasashen Turai suka wajabta wa mai ɗaukar ma'aikata ya auna haɗarin aikinsa, Birtaniya ta sa shi cikin ƙa'idojinta a 1992. A nan gida akwai dokar masana'antu ta 1987 da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa na 2006, amma a ganina manyan kwangiloli ne suka fi koya wa injiniyoyinmu takardar. Ƙananan gine-gine kuwa har yau da wuya ka gan ta, ko bayan benen da ake ginawa ya rufta a titin Beirut na Kano a Agustan 2022.

Tsarinta ba wuya. Kowane haɗari ana ba shi maki biyu daga 1 zuwa 5: yiwuwar faruwarsa, da munin abin in ya faru. Sai a ninka su.

Ɗauki ranar zuba dekin hawa na biyu. Leburori na hawa gadar katako da kwanon kankare a ka, katakon ya jiƙe da ruwan siminti, ba abin dafawa, mafi yawansu da silifas. Yiwuwar faɗowa 4 ce, muni 5, domin daga nan sai mutuwa ko karayar baya. Maki 20 ke nan cikin 25, wato kada a fara aiki. Sai matakan gyara: a ɗaga kankaren da inji in da hali, in babu a faɗaɗa gadar, a buga mata ƙananan katakai a gicciye don kama ƙafa, a sa madafi gefe biyu, a raba hanyar hawa da ta sauka, a killace ƙasan wurin. Hular kwano da takalmi su ne na ƙarshe. Yiwuwar ta sauko 2, makin ya koma 10.

Wannan makin na bayan gyara ne nake fara dubawa. Na taɓa karɓar wata takarda da aka rage munin daga 5 zuwa 2 don kawai an raba huluna, abin ya dame ni ƙwarai. Hula ba ta rage tsawon bene. Muddin ba a shimfiɗa raga ko abin da zai tare mai faɗowa ba, 5 ɗin nan tana nan. Na mayar da takardar, na ce a rubuta sunan wanda zai duba gadar da asuba kafin a kunna injin kwaɓa siminti.