Saita yaren muryar waya don ta karanta wa mai raunin gani takardar abincin wata ƙasa

Ga tambayoyin da aka yi mini da amsoshinsu. "Babana idonsa ya yi rauni sosai, za mu Kwatano, idan na mayar da wayarsa Faransanci za ta karanta masa takardar abinci?"

Kar ka taɓa yaren wayar. Yaren waya daban, yaren murya daban, na faɗa har na gaji. In ka juya wayar gaba ɗaya zuwa Faransanci, Baba ba zai ma iya nemo lambar ɗansa ba. Murya kawai za ka ƙara.

"A ina ake ƙara muryar?"

A wayar Android, Settings, sai Accessibility, sai Text-to-speech output. A Samsung tana cikin General management. Tecno da Infinix kowacce da inda take ɓoye ta, don haka ka rubuta text-to-speech a wajen bincike na Settings ka huta. In ka shiga, a Preferred engine ka zaɓi na Google, ka taɓa alamar saitin da ke gefensa, ka shiga Install voice data, ka sauke French. Don gwaji, ka koma baya, a Language ka zaɓi French na ɗan lokaci, ka danna Play ka ji da kunnenka, in ka gama ka mayar da shi yadda yake.

"Sai da data take aiki?"

Saukewar ce ke cin data. Ka sauke a gida tun kafin tafiya, ka sa wayar a Airplane mode ka gwada, in ta yi magana to ta sauka. In ta ƙi sauka ka duba ko an kunna Use Wi-Fi only. Don Allah a daina bari sai an zauna a gidan abinci, mai kawo abinci na tsaye a kanku, sannan a fara neman sabis.

"Na saka French amma har yanzu Baba bai gane komai ba, ashe ba ta fassarawa? Kuma yanzu wayar wani irin Turanci take yi."

To nan ne aikin yake, kuma amsar ta danganta da wane ne zai saurara. Murya ba ta fassara. Abin da aka rubuta shi take furtawa, bambancin kawai da bakin wa za ta furta. Muryar Turanci in ta ga poulet braisé sai ta karanta shi da ƙa'idar Turanci har da t ɗin ƙarshe, muryar Faransanci kuma ta ce "pule breze" yadda mai abincin zai gane. Don haka mutumin Maraɗi ko Damagaram da ya yi boko da Faransanci, shi murya kaɗai ta ishe shi. Baba kuwa in ba ya jin yaren, aiki biyu ne a gabanku: a fassara masa don ya san mene ne, sannan ya ji sunan a yaren asali don ya iya faɗa wa mai kawo abinci.

Wancan baƙon Turancin da kake ji kuma kai ka jawo shi, amma ba wani abu ba ne, gyaransa minti ɗaya. Abin da ya faru shi ne ka bar Language na muryar a kan French, shi ya sa yanzu hatta Settings da Contacts da bakin Bafaranshe ake karanta su, kuma ga wanda ya dogara da TalkBack, wato manhajar da ke karanta wa mai raunin gani duk abin da ke fuskar waya, wannan kusan kulle masa waya ne. Ka mayar da Language kan Use system language. Muryar French tana nan ba ta goge ba, tana jiran a kira ta.

Yadda za a kira ta ne ya bambanta daga waya zuwa waya, shi ya sa ba na yin rantsuwa a nan. In da TalkBack yake aiki, akwai Spoken language a cikin menu na TalkBack, wanda ake buɗewa da jan yatsa ƙasa sannan dama ba tare da ɗagawa ba, ko taɓawa da yatsu uku a sababbin wayoyi. In babu shi a jerin sai a ƙara daga Customize menu. Daga nan zai juya French lokacin cin abinci, ya dawo English in an gama. A wasu wayoyin kuma cikin saitin injin Google akwai Language detection mai Off da Conservative da Aggressive. Yana taimakawa a doguwar jimla, amma takardar abinci kalma biyu ce uku sai farashi, wayar ba ta samun abin da zai ishe ta ta gane yaren, sai ka ji layi ɗaya da Faransanci na gaba da Turanci. Ni dai na fi yarda da juyawa da hannu.

A aikace ga yadda nake so ku yi. An miƙo takarda, ka shimfiɗa ta a tebur, ka ɗauki hoton ɓangare ɗaya kawai da kyamarar Google Translate, misali ƙarƙashin Plats, daga French zuwa English, Baba ya saurari fassarar. Ya ji gasasshiyar kaza ya ce ita yake so. Sai ka danna lasifikar ɓangaren Faransancin ya ji "pule breze" sau biyu, ya faɗa da bakinsa. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci a wajena, dattijo ya yi odar abincinsa da kansa, ba a riƙa magana a kansa kamar ba ya wajen ba.

Sai dai fassarar sunan abinci takan yi tuntuɓe. Riz au gras dafa-duka ce, amma na'ura za ta iya ce masa shinkafa da kitse. Kuma abin da bai halatta ba ko wanda ke tayar masa da ciwo, kar a bar wa waya hukuncinsa. Ya haddace sautin porc da jambon da lardons, duk alade ne, da vin wato giya, da arachide in gyaɗa na damunsa, sannan duk da haka a tambayi mai abincin, don takarda ba ta lissafa duk abin da aka zuba a miya.

"Tana haɗa sunan wannan abinci da kuɗin wancan."

Wannan ba laifin murya ba ne, kyamara ce. Takarda mai layi biyu gefe da gefe takan rikita ta, ta karanta sunaye duka sannan ta jero farashi. Ka rufe rabi da hannu ko wata takardar, ka ɗauki rabi. In an lulluɓe ta da leda mai ƙyalli, ka kashe filasha ka ɗan karkata ta daga ƙwan lantarki. Rubutun alli a allo kuwa, kar ka wahalar da kanka, ka tambayi mutum.

Farashi ma a kula. Sukan rubuta 2.500 F suna nufin sefa dubu biyu da ɗari biyar, muryar Turanci kuma ta karanta shi kamar biyu da ɗigo biyar.

"Shi kaɗai zai iya, ba tare da ni ba?"

Zai iya. In yana ɗan ganin fuskar wayar, ka kunna masa Select to Speak, wadda ke karanta rubutun da ya taɓa a fuskar wayar, tare da Read text on images a saitinsa. In ganin ya yi ƙasa sosai, Lookout, manhajar Google da ke karanta abin da kyamara ta gani, ta fi, ɓangaren Documents har gaya masa yake ya matsar da wayar sai takardar ta shiga duka, kuma ita ma tana da nata wajen zaɓen yare, a duba shi. Ku gwada a gida da kwalin madara ko taliya mai rubutun Faransanci har hannunsa ya saba.

"Tana sauri da yawa."

Speech rate, ja shi baya. Saurin da ya saba da shi a Turanci ya yi yawa a yaren da bai sani ba. Ka sa masa abin kunne ɗaya, gidan abinci da hayaniya.

"Ni iPhone gare ni."

Accessibility, Spoken Content, Voices, ka sauke French, ka kunna Speak Selection. A sabon tsari sunan wajen Read & Speak. Mai amfani da VoiceOver, wato irin TalkBack na iPhone, ya ƙara yaren a cikin Speech sai ya riƙa juyawa da rotor, wanda ake buɗewa da murɗa yatsu biyu a fuskar wayar.

"Umara za mu, Larabci fa?"

Hanya ɗaya ce, Arabic za ka sauke maimakon French. Kuma a nan saukewar dole ce, don muryar Turanci in ta ci karo da baƙaƙen Larabci sau da yawa shiru take yi ko ta tsallake layin, Baba ya zaci babu komai a wajen.