Fayyace rubutun fim fitowa bayan fitowa

Fayyace rubutun fim aiki ne da ake yi kafin a fara ɗauka, inda ake bin labarin fitowa bayan fitowa ana fitar da duk abin da dole ya kasance a wurin ɗauka. Yawanci mataimakin darakta na farko ne ke yin sa, kuma a kansa ake gina jadawalin ɗauka da kasafin kuɗi.

Da farko ana ba kowace fitowa lamba, sannan a auna tsawonta. A al'adar Hollywood ana raba shafi kashi 8, kuma ana ƙiyasta cewa shafi ɗaya daidai yake da minti ɗaya na kallo, don haka fitowa mai rabin shafi ana rubuta ta 4/8. Daga nan sai a ja layi ƙarƙashin kowane abu da kalar rukuninsa. A tsarin da ya fi yaɗuwa ja na 'yan wasa masu magana ne, shuɗi na dabarun musamman kamar wuta da hayaƙi, sutura kuwa zagaye ta ake yi, ko da yake kamfanoni kan sauya kalolin. Abin da aka fitar ana kwashe shi zuwa takarda guda, kowace fitowa da tata.

A ɗauki fitowar da aka rubuta kamar haka: da dare, ana ruwan sama, amarya ta sauko daga mota a ƙofar gida, mahaifinta ya saki kofin shayi ya fashe. Tsawonta bai wuce 2/8 ba, amma tana iya cinye dare guda, domin awon shafi ba ya nuna wahalar ɗauka. Kofin yana cikin kayan da ɗan wasa ke riƙewa, kuma tunda fashewa zai yi, dole a tanadi da yawa iri ɗaya, saboda ana maimaita ɗauka. Haka ma lafayar amarya: da zarar ta jiƙe ba za a jira ta bushe ba, sai a sami ta biyu. Ruwan yana buƙatar tanka da mesa, daren kuma janareta da fitilu. Motar kuwa ba ta tuƙa kanta, don haka akwai direban da marubuci bai ambata ba, shi ma da suturarsa. A irin wannan wuri ake gane gwani, domin sabon shiga abin da ya gani a rubuce kaɗai yake yi wa alama.

Kuskuren da ya fi fitowa fili na sutura ne. Yawanci ba a ɗaukar fim bisa jerin labari, ana haɗa duk fitowar wuri ɗaya ne a ɗauke tare, shi ya sa ake rubuta wa kowace fitowa ranarta a cikin labari. Idan aka bar wannan, amaryar da ta shiga zaure a jiƙe za ta bayyana a tsakar gida a bushe, ko da wani ɗankwali daban, kuma galibi sai a wajen tacewa ake lura, bayan an sallami 'yan wasa.