Waiwaye: daga farar leda zuwa silaid ɗin samina, ina rubutun nan ya fito?

Makon jiya ƙanwata ta kawo min laftof ɗinta nan gida a Jos, wai yaya duba min silaid, ranar Alhamis zan gabatar da samina. Tana karatun digiri na biyu a fannin koyarwa, minti 15 aka ba ta, na buɗe sai ga silaid 34, kowanne cike dam da rubutu tun daga sama har ƙasa, wani ma sai na matso da fuskata kafin na iya karantawa. Ba laifinta ba ne, haka ta ga ana yi. Amma abin ya tsaya min a rai, don ni na san lokacin da ba haka ake yi ba.

Waɗanda suka yi makaranta kafin laftof ya yawaita za su tuna wata na'ura mai akwati da fitila a ciki da madubi a kan dogon wuya, malami ya ɗora farar leda mai rubutu a kai sai ya haska a bango. Da alƙalamin maka ake rubutu a ledar nan, da hannu, kuma kuɗi ake sayenta, to wa zai zauna ya kwafe shafi guda a kai? Layi huɗu ko biyar, zane ɗaya, shi ke nan. Wani malaminmu ma takarda yake rufe ledar da ita yana ja ƙasa kaɗan-kaɗan, ba ka ganin layi na biyu sai ya gama da na farko. Wahalar rubutun ce take tilasta wa mutum ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci.

Shi kansa PowerPoint don wannan ledar aka fara yin sa. A 1987 wani ƙaramin kamfani mai suna Forethought a Amurka ya fitar da shi, aikin Robert Gaskins da Dennis Austin, baƙi da fari ne kawai, ka tsara shafi a kwamfuta ka buga shi a leda. A shekarar dai Microsoft ta saye kamfanin kan dala miliyan 14. Sai a 1992 aka samu wanda za ka haɗa kwamfuta da firojekta kai tsaye. Daga nan ƙarin shafi ya zama kyauta, ƙarin layi ma kyauta, ga kwafa da liƙawa. A wajenmu kuma abin ya haɗu da al'adar handawut, ɗalibi ya saba malami ya ba shi komai a rubuce, don haka da firojekta ya shigo sassan jami'a sai handawut ɗin ya koma bango kawai. Ga tsoro kuma, mai gabatarwa yana gudun kar ya manta a gaban malamai, sai ya zuba duk jawabinsa a allo ya juya wa mutane baya yana karantawa.

Masu binciken ilimi sun rigaya sun hango matsalar. A 1988 John Sweller na Ostireliya ya yi bayani cewa wurin da ƙwaƙwalwa ke riƙe sabon abu a lokaci guda ɗan ƙarami ne, in ka cika shi da tarkace koyo ya tsaya. Richard Mayer na Jami'ar Kalifoniya ya ɗora a kai da gwaje-gwaje, ya tattara su a littafinsa na 2001: mutane sun fi fahimta in an nuna musu zane ana bayani da baki, fiye da in an ƙara musu rubutun maganar gaba ɗaya a allo. Dalilin kuwa kowa zai iya gwadawa, ido ya fi bakin mai magana sauri, kafin ka gama layi na biyu ɗan kallo ya kai na shida, kuma ba ya iya karatu da sauraron wata magana a tare, dole ya saki ɗaya, kuma kai yake saki. A 2003 da kumbon Columbia ya tarwatse, kwamitin binciken har ya soki yadda aka binne bayanin haɗari a cikin silaid mai cunkoson rubutu, Edward Tufte, masanin tsara bayanai a zane, ma ya yi dogon sharhi a kai a wannan shekarar. Daga baya Michael Alley na Jami'ar Penn State ya yaɗa wani tsari da ni dai shi na fi yarda da shi: kan silaid ya zama cikakkiyar jimla mai faɗin abin da kake so a yarda da shi, ƙasansa kuma hujja da ido zai gani.

Abin da ya fi damuna shi ne a saminar koyarwa ake wannan. Mutum na bayanin yadda za a sa yara su shiga cikin darasi, alhali ba wanda ya shigo cikin nasa.

Batun ƙanwata shi ne lokacin jira bayan tambaya, binciken Mary Budd Rowe na 1972, wadda ta gano malamai kan jira kamar daƙiƙa ɗaya kacal bayan sun yi tambaya kafin su amsa da kansu ko su wuce ga wani, amma in suka kai daƙiƙa uku ko fiye amsoshin yara kan yi tsawo, kuma waɗanda ba sa magana ma su fara ɗaga hannu. Na ce rufe laftof ɗin, faɗa min da baki me kike so malaman nan su fita da shi. Ta faɗa a jimla uku, muka rubuta a takarda, su ne ƙashin bayan aikin: ga matsalar, ga abin da bincike ya nuna, ga abin da na gani a azuzuwan da na je.

Silaid ɗinta na bakwai kansa "Bitar Ayyukan Magabata", ƙasa layi 14. Muka mayar da kan ya zama "Malami kan jira daƙiƙa ɗaya kawai bayan tambaya", ƙasa kuma sanduna biyu, gajere mai lamba 1 da dogo mai lamba 3, sunan Rowe da shekara a can ƙasa. Sauran layukan suka koma wajen Notes da ita kaɗai ke gani, ma'anonin kalmomi da jerin manazarta kuma suka tafi takarda shafi ɗaya da za ta raba. Daga 34 muka dawo 9, wato kusan minti ɗaya da rabi kowanne, girman rubutu kada ya gaza 28. Na sa ta karanta kawunan silaid ɗin kaɗai a jere, in sun ba da labarin daga farko har ƙarshe tsari ya yi, a na biyar muka ji tsalle, ashe ta shiga sakamako ba ta faɗi aji nawa ta duba ba, muka gyara. Muka ajiye kwafi a PDF saboda ƙ da ɗ da ɓ kan rikiɗe su zama akwati in kwamfutar sashe ba ta da irin rubutun, ta kuma buga tara ɗin a takarda ko da za a ɗauke wuta.

Ta ce yaya to in Farfesa ya ce aikin ya yi kaɗan fa? Tambayar tana kan hanya, akwai sassan da ke da nasu tsarin dole, sai an ga manufofi da tambayoyin bincike a rubuce, in haka ne a bi, amma manufa uku layi uku ne. Kuma teburin alƙaluma da za a iya tambaya a kai mun bar shi a baya bayan silaid na ƙarshe, in an tambaya ta buɗe.

A silaid na uku ba komai sai tambaya ɗaya a tsakiyar allo. Na ce ki karanta ta, ki yi shiru, ki ƙirga uku a ranki kafin ki ce uffan. Da ta gwada a falo a biyu ta katse, ta ce wallahi shirun yana da nauyi. Muka sake har sau huɗu kafin ta kai ukun.