Buhu 200 ya shiga sito, kilo 1,400 sun ɓata: ina suka tafi?

"Na zuba masara buhu 200 a sito a watan Oktoba, kowanne kilo 100 cif. Da na auna a Maris sai na tarar da giɓin kilo 1,400. Yaron sitona ne ke sata?"

Alhaji, kafin ka kori yaron nan, a fara tuhumar hunturu. Masarar Oktoba sabuwa ce, ko da an ce maka ta bushe akwai sauran ruwa a jikinta, kuma ruwan nan ka biya kuɗinsa a sikeli. Iskar hunturu ta shigo ta tsotse shi, buhu ya saki, ɗinki ya yi sako-sako, alhali ko ƙwaya ɗaya ba ta bar ɗakin ba.

Mu ɗauka ranar da aka sauke kayan danshinsu kashi 16 ne cikin ɗari, a Maris kuma ya sauko 12. A kowane kilo 100 na Oktoba, kilo 84 ne ainihin masara, 16 ruwa. Wannan 84 ɗin ba ya canzawa don an bushe, sai dai yanzu shi ne kashi 88 na nauyin buhun. Lissafin ke nan:

```
sabon nauyi = tsohon nauyi x (100 - danshin shiga) / (100 - danshin fita)
20000 x 84 / 88 = 19091
```

Wato daga kilo 20,000 ɗinka, 909 sun bi iska, sama da buhu tara. Ka ga danshi ya sauka da kashi 4 amma nauyi ya ragu da kusan kashi 4 da rabi. Masu cire 12 daga 16 kawai suna yin kuskure a nan, kuma a babban lodi kuskuren buhu guda ne. Abin da ya rage a bincika yanzu kilo 491 ne, ba 1,400 ba.

Amma duk wannan lissafi ya rataya ne a kan abu ɗaya, wato an rubuta danshin ranar shiga. In ba a rubuta ba, babu mai iya wanke yaron, babu kuma mai iya kama shi. Na ga uban gida da yaronsa na shekara da shekaru sun rabu baram-baram a kan buhunan da rana ta sha.

"Ba ni da na'urar auna danshi. Cizawa da haƙori bai isa ba?"

Haƙori yana gaya maka abu ɗaya: ƙwayar da ta fashe da ƙara ta bushe, wadda ta lotsa ba ta bushe ba. Tsakanin 13 da 16 kuwa haƙori ba ya rabewa, nan ne kuma matsalar take, don masara da dawa ana son su sauka 13 ko ƙasa kafin a yi musu doguwar ajiya. Gyaɗar da aka ɓare ta fi su tsanani, sai wajen 7 zuwa 8.

Akwai gwajin gishiri. Ka shanya gishiri ya bushe ƙayau, ka sami busasshiyar kwalbar gilashi, ka zuba hatsi kamar sulusinta da cokali biyu ko uku na gishirin, ka rufe ka girgiza na minti ɗaya, ka ajiye kwata na awa, ka sake girgizawa. In gishirin ya manne a jikin kwalba, danshin ya haura wajen 15, a koma shanya. In bai manne ba, kana ƙasa da haka. Gwaji ne na karɓa ko mayarwa, ba ya ba ka adadin da za ka sa a lissafi. A ganina duk wanda ke tara buhu ɗari zuwa sama, ko a Dawanau ko a Saminaka, ya kamata ya mallaki ƙaramar na'urar, ko su haɗa kuɗi da maƙwabtan sito su saya.

Wajen ɗibar samfuri kada ka tsaya a buhunan bakin mota, don mai kaya ya san su za a fara sokewa. A soki na sama, na tsakiya da na ƙasa, a gauraya, a auna sau uku a ɗauki matsakaici.

"To kilo 491 ɗin fa? Yaya zan san rabon ƙwari a ciki?"

Nan sai an zauna a tabarma an yi ƙidaya. Ka ɗebo daga buhu goma sha biyar ko ashirin a wurare daban-daban na tarin, ka gauraya, ka tankaɗe garin, ka ƙirga ƙwaya 1,000 ba tare da zaɓe ba. Ka ware masu huji gefe, lafiyayyu gefe, ka auna kowane kashi a ƙaramin sikeli mai nuna giram.

A ce lafiyayyu 880 ne, nauyinsu giram 264. Ke nan kowace ƙwaya giram 0.3 ce, da duka dubun lafiyayyu ne da sun yi giram 300. Masu huji 120 ne, sun ba da giram 31.5. Haɗa su, 295.5. Giram 4.5 ne suka tafi cikin 300, wato kashi 1.5 cikin ɗari. A kan kilo 19,091 wannan ya kai kamar kilo 286, kusan buhu uku a cikin ƙwari.

Ka lura da bambancin: ƙwayar da aka huda kashi 12 ce, nauyin da aka rasa kashi 1.5. Sikeli zai ce ɓarnar kaɗan ce, mai saye kuwa da ya tsoma hannu ya ga huji da farin gari a tafinsa, da kashi 12 ɗin zai yi maka ciniki. Asarar farashi takan fi ta nauyi zafi, don haka a rubuta duka biyun.

Ƙidayar tana da iyakarta. Ƙwaron masara yana huda ƙwaya ya sa ƙwansa a ciki ya toshe, tsutsar ta yi ta ci daga ciki kusan wata guda kafin ta fito. Ƙwayar da ka ƙirga a lafiyayyu tana iya kasancewa da baƙo a cikinta. Sannan garin da suka yi, wani yana zuba ƙasa, wani yana nan kwance a gindin buhu yana hawa sikeli a matsayin masara. Shi ya sa ƙidaya ɗaya ba ta wadatarwa. A riƙa yi duk wata, a jera sakamakon. In masu huji sun tashi daga 20 zuwa 50 zuwa 120, ba sai an gaya maka me wata mai zuwa zai kawo ba, musamman da zafin bazara ya kama.

"Sauran kilo 205 ɗin dai sata ce ke nan?"

Tukuna. Ina sharar? Duk buhun da aka jefo daga mota, ko ƙusar katako ta yage shi, ko aka soke don samfuri ba a toshe ba, tsiyaya yake yi. Sito mai tsari yana tara sharar kowane tari a buhu daban, a auna a rubuta. In an tara kilo 120, saura 85 ke nan, ƙasa da rabin kashi ɗaya cikin ɗari na kayan. A cikin wannan akwai rabon ɓera, akwai saɓanin sikeli in ba wanda aka auna da shi a shiga aka auna da shi a fita ba. Giram 400 kacal a kowane buhu, sau 200, ya cinye kilo 80.

Sata tana da kamanninta. Bushewa tana rage buhuna kusan daidai wa daida, na waje su ɗan fi na ciki. In ka ga buhu biyar sun rasa kilo takwas-takwas, saura sun rasa biyar-biyar, kuma ɗinkin bakinsu ba irin zaren sauran ba ne, to a nan ne za ka kira yaro ku yi magana. Ɓera kuma yana barin shaida: kashi, yagaggen gefen buhu, ƙwayoyin da aka cinye idonsu aka bar sauran.

"Me za a riƙa rubutawa, ba tare da an mai da sito ofis ba?"

Kati ɗaya ga kowane tari, a rataye a jikinsa. Ranar shiga, daga wace kasuwa, buhu nawa, nauyi, danshi, ƙwaya nawa ke da huji a cikin dubu. Duk wata a ƙara layi ɗaya. Don kada a rushe tari saboda awo, a yi wa buhu goma alama da fenti tun ranar farko, su za a riƙa ɗorawa a sikeli. Kada a haɗa lodi biyu a kati ɗaya, kuma wanda ya riga shiga shi zai riga fita.

Tsarin jerin ma yana cikin lissafin, don tarin da ba ka iya zagayawa ba ka iya duba shi. Buhu ya hau katako, kada ya taɓa siminti, a bar kamar mita ɗaya tsakaninsa da bango, a bar sarari a ƙarƙashin kwano. Da safe ka cusa hannu tsakanin buhuna. In ka ji ɗumi, ko warin fumfuna, ko hatsin ya fara dunƙulewa, a warware tarin a ranar. Masarar da ta yi fumfuna tana iya ɗauke da gubar afulatoksin, wadda shanya ko dafuwa ba sa kawar da ita, kuma kaji ma tana yi musu illa.

Wani abin da ke ruɗin mutane shi ne damina. Daga Yuni hatsi yana sake jan danshi daga iska, nauyi ya ɗan hau, mai kaya ya ji daɗi. Sau da yawa ruwan ne ke cike gurbin abin da ƙwari suka ci. Nauyin da ba a rubuta danshi kusa da shi ba, ba ya gaya maka komai.

"In ƙidaya ta nuna ƙwari na ƙaruwa, in jefa ƙwayar fostoksin cikin buhunan?"

Ba a buɗaɗɗen sito ba. Iskar da take fitarwa ce ke kisa, kuma sai an tsare ta a ƙarƙashin tamfol marar huji, an danne gefensa, kwana biyar zuwa bakwai aƙalla, kafin ta kai ga ƙwai da tsutsar da ke cikin ƙwaya. In ta tsere a kwana ɗaya, manya sun mutu, 'ya'yan su fito bayan mako uku ka ce maganin jabu ne. Tana kashe mutum, don haka aikin ƙwararru ne, kuma ba a yin sa a ɗakin da ke manne da inda ake kwana. Fiya-fiya kuwa ba ta da hurumi a kan abinci. Irin sinadarinta ne ya sa Tarayyar Turai ta hana shigar waken Nijeriya a 2015.

Ga wake da ƙaramar ajiya, buhun PICS mai leda biyu a ciki ya fi sauƙi: a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwarin su shaƙe da kansu. Sharaɗinsa hatsi ya bushe sosai kafin a zuba, ɓera kuma kada ya huda. Shi wannan ba a soke shi da ƙarfen samfuri, awonsa na sikeli ne kawai har ranar da za a kwance.