Sarƙar da ke riƙe da ranar gama gini, da yadda jinkiri ke bin ta

Injiniya, a darasin tsara aikin gini an nuna mana akwatuna da kibiyoyi, wasu ja wasu baƙi, aka ce jajayen su ne "kiritikal fat". Ayyukan da suka fi muhimmanci ke nan?

A'a, kuma a nan ne yawancin ɗalibai ke fara ɓata. Jan layin bai san tsada ba, bai san wahala ba, tsawon lokaci kawai yake aunawa. Idan ka jera ayyukan gini yadda kowanne ke jiran na gabansa, za ka samu sarƙoƙi da yawa daga ranar farawa zuwa ranar miƙa makulli. Wadda ta fi kowacce cin kwanaki ita ce aka shafa wa ja. Ni doguwar sarƙa nake kiran ta. Tsawonta shi ne mafi ƙarancin lokacin da ginin zai ɗauka, domin ko an gama komai, dole a jira ta.

Dabarar ta fito ne daga Amurka a ƙarshen shekarun 1950, inda James Kelley na kamfanin Remington Rand da Morgan Walker na kamfanin DuPont suka tsara ta. Yau manhajoji irin su Microsoft Project da Primavera P6 ke yin lissafin, amma ƙaramin gini takarda da biro sun ishe shi.

To a nuna mini da gini na gaske, don akwatunan nan ba su zauna mini ba.

Mu ɗauki jerin shaguna masu rufin dekin. Kwanakin na misali ne, kuma mu ɗauka ana aiki kullum ba hutu.

Haƙa da zuba fandesho kwana 10. Jera bulo har linta kwana 14, ka ga mun kai rana ta 24. Kafinta ya buga katako, a ɗaure rodi, a zuba dekin, kwana 8, rana ta 32 ke nan. Daga nan sai jira: kwana 14 ana ba kankare ruwa, tokara na tsaye a ƙarƙashi, babu mai taɓa su, har rana ta 46. Bayan an cire tokara a kafa ƙofofi da tagogin ƙarfe cikin kwana 3, a yi filasta kwana 10, a yi fenti kwana 5.

```
10 + 14 + 8 + 14 + 3 + 10 + 5 = 64
```

Akwai ayyuka biyu da ke tafiya a gefe. Mai walda ba zai fara ƙera ƙofofi ba sai bulo ya kai linta ya zo ya auna, wato rana ta 24, kuma yana buƙatar kwana 12. Zai gama rana ta 36, alhali ba a neman ƙofofin sai rana ta 46. Sai ramin sokawe, kwana 7, wanda za a iya farawa da zarar an gama fandesho.

Sarƙar da ta bi ta kan dekin kwana 64 ce. Wadda ta bi ta shagon mai walda kwana 54. Ta farkon ita ce ja. Ka kuma lura da abu guda: ɗaya daga cikin manyan zobban sarƙar nan, kwana 14 na jiran kankare, ba a biyan birkila ko kafinta a cikinsa. Yaro ɗaya ne da tiyo yana watsa ruwa safe da yamma. Amma duk ginin a kansa yake rataye.

Ita rarar da ake ta magana fa, yaya ake gano ta?

Ana bin jadawalin sau biyu. Na farko daga farko zuwa ƙarshe, kana rubuta ranar da kowane aiki zai iya gamuwa in komai ya tafi daidai. Na biyu daga ranar miƙa makulli kana dawowa baya, kana rubuta ranar ƙarshe da za a iya gama shi ba tare da an ture ranar miƙawa ba. Tazarar da ke tsakanin ranakun biyu ita ce rara, abin da Microsoft Project ke rubutawa Total Slack, Primavera kuma Total Float.

Mai walda zai iya gamawa rana ta 36, kuma yana da dama har rana ta 46, rararsa kwana 10. Sokawe zai iya gamuwa rana ta 17, ba a matsu da shi ba sai ta 64, rararsa kwana 47. Duk aikin da ke kan doguwar sarƙa ranakunsa biyu ɗaya ne, rararsa sifili.

Akwai tarko a nan da ba kasafai ake nuna shi a allo ba. Rarar ta dukan reshen ce, ba ta mutum ɗaya ba. A ce kwana 12 ɗin nan kashi biyu ne, kwana 4 na sayo ƙarfe da kwana 8 na walda. Jadawali zai nuna wa kowannensu rarar kwana 10, amma tulu ɗaya suke sha. Idan mai sayayya ya yi sanyin jiki ya ci kwana 7, abin da ya rage wa mai walda kwana 3 ne kacal, shi kuwa bai sani ba.

Idan aiki ɗaya ya makara, jinkirin ba ya shafar duk ginin ne?

Ya danganta da inda ya faɗo. Idan motar rodi ta makara kwana 4, dekin ya koma rana ta 36, cire tokara ta 50, makulli ta 68. Kwana ɗaya a kan doguwar sarƙa kwana ɗaya ne a ƙarshe, babu ragi. Idan kuwa mai walda ne ya makara kwana 4, babu abin da ya motsa, rararsa ce ta ragu zuwa 6.

Inda ake shan mamaki shi ne lokacin da rarar ta ƙare. A ce wuta ta ɗauke, janaretan mai walda ya lalace, ya makara kwana 15. Zai kawo ƙofofi rana ta 51. Kwana 10 sun shige cikin rara, ragowar 5 ɗin sun tsallaka, ranar miƙawa ta koma 69. Abin da ya fi wannan girma shi ne jan layin ya tashi daga inda yake. Yanzu doguwar sarƙa ta shagon mai walda ta bi, dekin kuma ya samu rarar kwana 5. Shugaban leburori yana can yana gadin dekin kamar yadda jadawalin farko ya ce, alhali abin da ke riƙe da ginin yana wata rumfa a bakin titi. Shi ya sa nake sake lissafi duk mako da ainihin ranakun da aka gama kowane aiki. Ina kuma sa ido a kan duk reshen da rararsa ke raguwa mako bayan mako, tun bai zama ja ba.

Jinkiri biyu a rassa daban-daban kuma ba a tara su. Da rodi ya makara kwana 4, mai walda kuma kwana 15, dekin zai shirya rana ta 50, ƙofofi rana ta 51. Ginin ya makara kwana 5, ba 9 ba, ba kuma 19 ba. Wannan lissafin ne ake rigima a kansa tsakanin mai gini da ɗan kwangila idan ana neman ƙarin wa'adi, domin ba kowane jinkiri ne ya ture ranar gamawa ba.

Amma a zahiri na sha ganin jinkirin kwana biyar ya zama na sati uku. Lissafin ne ya yi ƙarya?

Lissafin bai yi ƙarya ba, abin da aka ba shi ne bai cika ba. Kibiyoyin da ake zanawa galibi na tilas ne, irin su ba a filasta sai an yi bango. Amma akwai wasu igiyoyin da ba a zana ba, na mutane da kayan aiki.

Na taɓa ƙonewa a kan wannan a wani ginin shaguna. Ƙofofi suka makara 'yan kwanaki, masu filasta suka zo da safe da cokulansu da kwanukan kwaɓi, suka zauna a kan bulo har rana ta take. Washegari ma haka. Rana ta uku shugabansu ya ce mini, "Injiniya, ka yi haƙuri, yaran nan da aikin yini suke ci." Suka kama wani aiki a wata unguwa. Da ƙofofin suka iso, sai na koma ni ke jiran su kusan mako biyu. Laifina ne, domin a takardata na ɗauka masu filasta suna ajiye ne kamar buhun siminti a sito.

Haka abin yake da sokawe. Rarar kwana 47 tana sa mutum ya yi ta cewa gobe. In ka bar shi har lokacin filasta, kuma birkilolin nan dai su ne za su yi duka biyun, to aikin da ke da rara ya janye hannu daga wanda ba shi da ita. In kuma turawar ta kai ka cikin damina, ramin ya cika da ruwa, kwana 7 ba za su ishe ka ba. Maganin shi ne ka rubuta sunan ƙungiyar da za ta yi kowane aiki a gefen akwatinsa, ka duba ko akwai ranar da ka sa mutum ɗaya a wuri biyu.

In an riga an makara, ƙara ma'aikata ba zai fanshe kwanakin ba?

Zai fanshe, in ka zuba su a kan doguwar sarƙa, kuma a aikin da ke karɓar hannu da yawa. Ƙara masu filasta har kwana 10 ya koma 6 ya dawo maka da kwana 4 cif. Ƙara masu haƙan sokawe kuwa kuɗi ne kawai ka kashe.

Hanya ta biyu ita ce haɗa ayyukan da aka jera bi da bi. Filastar bangon waje, inda babu ƙofa ko taga, ba ta jiran a cire tokara, ana iya fara ta tun kankare na shan ruwa. Sai dai gaggawar tana da iyaka: a misalinmu, ko ka matse ɓangaren dekin ya ragu da fiye da kwana 10, ba za ka ci ribar abin da ya haura goman ba, domin mai walda ba zai kawo ƙofofi kafin rana ta 36 ba.

Abin da nake roƙon kowa kada ya taɓa shi ne kwanakin jiran kankare. Leburori ɗari ba za su sa siminti ya yi ƙarfi da wuri ba. Ƙarfin da aka yi lissafin ginin da shi a kwana 28 ake auna shi, kuma ranar cire tokara injiniyan da ya zana ginin ne ke yanke ta, gwargwadon faɗin dekin, irin simintin da yanayin wurin. Idan mai gini ya matsa a cire da wuri, ka buɗe masa jadawalin, ka nuna masa kwana 4 da za a samu a filasta, ka faɗa masa kuɗin ƙarin hannun da za a ɗauka.